Kaskon tefal da ya karce: yaushe za a raba shi da abinci?



Yau a kicin muke. Duk wanda ya leƙa jeren amarya a ƴan shekarun nan ya san cewa saitin tukwanen nan masu baƙin ciki, waɗanda abinci ba ya kamawa, sun shiga sahun kayan ɗakin da uwa ba ta son a ce ɗiyarta ta rasa. Muna kiransu tefal, ko da ba kamfanin Tefal ya yi su ba. Tun da matatar Soraz ta Damagaram ta fara aiki a 2011 gas ya yawaita a gidajen gari, su ma suka yawaita tare da shi. Mai shayi a bakin tasha da shi yake soya ƙwai, mai awara ma wata da shi take aiki.

Matsalar ita ce ba sa daɗewa da kyansu. Wata shida, shekara guda, sai ka ga cikin ya yi zane-zane, wani wurin ya fara ɗayewa. Daga nan mutane sun rabu biyu. Wasu sun ce da ka ga layi ɗaya a jikinsa to ya zama guba, ciwon daji ne kai tsaye, a jefar. Wasu kuma sun ce tsoron Nasara ne kawai, tunda bai huje ba ai tukunya ce. Mu dai ba mu tare da kowane ɓangare. Karcewa kaɗan ba ta isa a jefar da kasko ba, amma ranar da shafen ya fara ɓarewa yana bin abinci, aikinsa ya ƙare. Kuma abin da ya fi karcewar haɗari shi ne wutar da muke ɗora shi a kai, abin da kusan ba wanda ke maganarsa.

Bari mu fara da sanin mene ne baƙin nan. Ba fenti ba ne irin na ƙofa. Wata irin roba ce mai santsi da ake kira PTFE, wadda aka fi sani da sunan kasuwa Teflon. Wani masanin haɗa sinadarai a kamfanin DuPont na Amurka, Roy Plunkett, ya gano ta a 1938. Wani injiniya Bafaranshe, Marc Grégoire, ya samo dabarar manna ta a jikin alminiyom, a 1956 aka kafa kamfanin Tefal, sunan ma haɗin Teflon da alminiyom ne. Ana fesa ta a jikin kaskon, a gasa a tanderu mai tsananin zafi har ta kama. Kaurinta bai kai na gashin kai ba. Ke nan cokalin ƙarfe guda ya isa ya ratsa ta har ya taɓo ƙarfen da ke ƙasa.

To idan ɓarɓashinta ya shiga abinci aka haɗiye fa? Nan ne masu tsoro suka wuce gona da iri. Wannan roba ba ta narkewa a ciki, ruwan ciki ba ya cin ta, ɓallin da ido ke gani wucewa yake yi ya fita yadda ya shiga. Hukumar da ke auna haɗarin abinci a Jamus haka ta faɗa tun da daɗewa. Saboda haka uwar da ta tarar da ɗan baƙin ɓalli a wainar ƙwan yaronta kada ta tashi hankalinta, ba abin garzayawa likita ba ne.

Amma wannan ba lasisi ba ne na ci gaba da ci kullum. A 2022 masu bincike a jami'o'in Flinders da Newcastle na ƙasar Ostareliya sun ƙiyasta cewa tsaga guda a jikin shafen na iya sakin ƙananan ƙwayoyin roba kusan 9,100, wanda ya farfashe sosai kuma sama da miliyan 2. Waɗannan ido ba ya ganinsu, kuma masana na kan binciken abin da tarinsu ke yi a jikin mutum tsawon shekaru. Mu a ganinmu, ba a ciyar da yara roba safe da yamma don a jira sakamakon bincike, musamman tunda kaskon da ya kai wannan hali ya riga ya daina aikin da aka saye shi dominsa. Ƙwai na kamawa, ana ƙara mai, ana ƙara kankara da ƙarfi, kankarar kuma tana ƙara ɓare shi.

Maganar ciwon daji da ake yawan yi tana da asali, sai dai an ɗora ta inda ba nan take ba. Akwai wani sinadari, PFOA, da aka daɗe ana amfani da shi a masana'anta wajen haɗa wannan roba. Shi ne ya gurɓata ruwan sha a kewayen masana'antar DuPont ta Parkersburg a Amurka, kuma a 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon ta sa shi a jerin abubuwan da ke haddasa cutar. Waɗanda suka fi cutuwa da shi ma'aikata ne da masu shan ruwan yankin, domin mafi yawansa yana ƙonewa a lokacin gashin kaskon. Manyan kamfanoni sun daina aiki da shi zuwa 2015, a 2019 kuma aka sa shi cikin yarjejeniyar Stockholm ta haramtattun sinadarai. Abin da wannan ke nufi a kasuwarmu shi ne: sabon kasko mai suna da adireshin wanda ya yi shi ya fi tsohon na gwanjo da ya sha aiki a Turai shekara goma sha, ya kuma fi wanda aka zube a tabarma ba kwali ba suna.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Wannan roba tana zaune lafiya har zuwa zafin digiri 260. Daga nan sai ta fara lalacewa, ta narke a digiri 327, idan aka haura 350 kuma ta riƙa fitar da hayaƙi mai cutarwa. Don a gane waɗannan lambobi: ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma muddin da ruwa a tukunya zafinta ba ya wuce nan da yawa. Suyar dankali ko ƙosai cikin mai tana tsakanin 170 da 190. Duk wannan lafiya lau. Amma kasko marar kauri da aka ɗora a wuta babu komai a ciki, ƴan mintuna kaɗan sun ishe shi ya haura 260. Garwashin gawayi da ya yi ja kuwa ya ninka wannan zafi sau biyu har da ɗoriya.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce amarya ce a Gazawa, an yi mata jere da saiti da risho na gas. Watannin farko tana soya ƙwai da taliya a matsakaiciyar wuta, kasko sumul. Gas ya ƙare, ba a samu cikawa ba sai an aika Tasawa ko Maraɗi, sai ta koma murhun gawayi. Ta ɗora kaskon a kan garwashi don ya bushe kafin ta zuba mai, yadda ta ga uwarta na yi da kaskon ƙarfe, ta juya tana yanka albasa. Gawayi ba shi da maɓallin ragewa. Cikin wannan ɗan lokaci tsakiyar kaskon ya wuce abin da robar ke iya ɗauka. Ba lallai ta ga komai ba a ranar, illa ɗan wari. Amma robar ta riga ta yi rauni, gindin kaskon ya ɗan bankare, launin tsakiya ya dushe ya koma ruwan ƙasa. Sati na gaba ƙwai ya fara kamawa a daidai wurin. Ta sa cokalin ƙarfe ta ɓamɓaro. Ƙanwar miji da ke wanke-wanke ta zo da soson ƙarfe, ko ta ɗebi toka da yashi kamar yadda ake wa tukunyar tuwo. Sannan a jera tukwanen wata cikin wata, gindin wannan yana gugar cikin waccan. Kafin shekara ta zagayo farin ƙarfe ya bayyana, uwar miji ta ce ai kayan jabu aka yi wa yarinyar. Mai yiwuwa jabun ne, amma ko na gaske ne haka zai ƙare a wannan hanya.

Hayaƙin fa? Wanda ya shaƙe shi da yawa, bayan wasu awanni sai ya ji zazzaɓi, sanyi, ciwon kai da ciwon jiki, wani lokaci da tari da nauyin ƙirji. Galibi yana saki cikin kwana ɗaya ko biyu. Ku duba alamomin nan da kyau: a ƙasarmu wa zai ce ba masassara ba ce? Ba muna cewa duk zazzaɓin mai girki daga kasko yake ba, ko kusa. Mai zazzaɓi ya je a yi masa gwajin masassara kamar kullum. Amma idan an manta kasko a wuta har ya yi hayaƙi a ɗakin da ke rufe, da dare kuma mai girkin ta kwanta da zazzaɓi, a faɗa wa likita wannan, kuma idan numfashi ya yi wuya kada a jira gari ya waye. Tsuntsaye kuwa ba su da wannan sa'a, huhunsu ba ya jure hayaƙin, mutuwa suke yi nan take. Masu ajiye ƴan tsaki ko tattabaru a kicin lokacin ɗari, ƙofa a rufe, su riƙe wannan.

Shi ya sa muke cewa tefal ba kayan gawayi ba ne, ba kuma na murhun itace ba, inda harshen wuta ke lasar gefe har ya cinye mariƙin. Idan dole ta sa, a zuba mai ko ruwa kafin a ɗora, a baje garwashin ya rage ƙarfi, kada a bar shi shi kaɗai. Man da kansa ma'auni ne: man gujiya yana fara hayaƙi kafin a kai zafin da ke ɓata robar, da kin ga mai ya soma hayaƙi to sauke. Tuyar gujiya, suyar aya ko riɗi a busasshen kasko, gasa nama har ya yi baƙi-baƙi, duk waɗannan aikin kaskon ƙarfe ne ko na ƙasa.

To yaya za a gane lokacin rabuwa ya yi? A wanke kaskon tas, a shanya, a fito da shi hasken rana. Da farko a tabbatar abin da ake gani ɓarna ce ba datti ba, domin mai da ya ƙone yakan daskare a saman shafen ya yi ruwan ƙasa, ya sa abinci kamawa alhali robar na nan lafiya. Shi wannan idan ka shafa tudu za ka ji, da ɗan danƙo. A jiƙa shi da ruwan ɗumi da sabulu, a goge da soso mai laushi, sau da yawa yana fita. Ɓarna ta gaske kuwa rami ce, farce yana faɗawa ciki.

Idan zane-zanen sama ne kawai, sirara, launinsu ɗaya da sauran kaskon, farce ba ya tsayawa a kansu, a ci gaba da aiki da shi. Sai dai a canza hali: cokalin itace, soso mai laushi, wuta matsakaiciya, kuma a bar shi ya huce kafin a zuba masa ruwan sanyi. A sa ƙyalle ko takarda tsakanin tukunya da tukunya wajen jerawa.

Idan layin ya yi zurfi har farin ƙarfe yana leƙowa, amma ɗaya ne ko biyu kuma gefensu bai tashi ba, kaskon ya kama hanya. Ana iya lallaɓa shi na ɗan lokaci kafin a samu wani, amma ban da miyar tumatir, yakuwa, tsamiya ko abinci mai kanwa, kuma kada abinci ya kwana a ciki. Tsami da gishiri da kanwa suna cin alminiyom, su bi ta tsagar su shiga ƙarƙashin robar su ɗaga ta. Shi alminiyom ɗin kansa ba baƙo ba ne gare mu, a cikinsa muke tuƙa tuwo kullum, kuma ƙodar mai lafiya tana fitar da ɗan abin da ya shiga. Mai ciwon ƙoda ne ya kamata a fi kiyayewa.

Idan kuwa shafen ya yi ƙuraje kamar borin jini, ko gefen tsagar yana tashi idan ka sa farce, ko ka goga farin ƙyalle mai ɗan mai ya fito da baƙin ɓarɓashi bayan an wanke, ko tsatsa ta fito, to an gama. Babu wata dabara. Tsatsa tana nufin ƙasan ba alminiyom ba ne, siririn ƙarfe ne, kuma maganaɗisu zai faɗa maka tun a kasuwa idan ka kanga shi a gefen kaskon. A gefe muka ce, domin wasu na alminiyom an manna musu faifan ƙarfe a gindi. Haka kuma wanda aka taɓa mantawa a wuta har ya yi hayaƙi launinsa ya sauya, ko bai karce ba a sallame shi. Kada kuma a ruɗe ku da masu ɗigo-ɗigo kamar dutse da ake cewa giranit ko mabul ne. Da yawansu wannan robar ce dai aka yi wa ado, hukuncinsu ɗaya.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya: da bakinku mai sauƙi ne, kuɗin fa? A shekarar da tiyar hatsi ke neman gagarar magidanci, cewa mace ta jefar da tukunyar da ba ta yoyo kamar zagi ne. Ga kuma abin da ya fi kuɗi, kayan ɗakinta ne, uwarta ta yi adashi ta saya. Amsarmu ita ce lissafin ma yana bayanmu. A ce kin sayi marar suna a jika 4, ya mutu a shekara guda, kin sake saya. Cikin shekara biyar jika 20 ta tafi, kuma rabin wannan lokaci a ɓararren kasko kike girki. Kaskon baƙin ƙarfe kuwa sau ɗaya ake saya, jika ma ta gada. Idan aka shafe shi da mai aka ƙona sau da yawa, yana yin nasa santsin, kuma ba ruwansa da gawayi. Ku dubi masu masa da tandarsu: wace tefal ce ta fi ta sakin abinci? Mai gas da ke son soya ƙwai ta sayi tefal guda mai kauri, ta ware shi don wannan kaɗai. Saitin tukwane goma masu baƙin ciki na dafa shinkafa da miya, wallahi ado ne, domin abin da ake dafawa da ruwa ba ya buƙatar wannan shafe.

A nan akwai wani tarko da ya kamata mu faɗa, kada a gudu daga ƙaramin haɗari a faɗa babba. Wanda ya jefar da tefal yakan koma tukunyar dalma ta gida, wadda maƙera ke zubawa daga tarkacen alminiyom, irin aikin da kasuwar Katako ta Yamai ta yi suna da shi. Sana'a ce mai ciyar da gidaje da yawa, ba ma kushe ta. Amma abin da aka narka shi ke fitowa a miya. A 2014 an gwada irin waɗannan tukwane a Kamaru aka tarar da yawansu suna sakin gubar dalma a lokacin girki, saboda tarkacen da ake haɗawa har da sassan injin mota da lagireto. Wannan guba ba kamar ɓallin roba ba ce da ke wucewa, taruwa take yi ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da za a kira lafiya. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da take yi a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu, ko da yake su daga dutsen zinariya ta fito musu. Saboda haka idan canji za a yi, baƙin ƙarfe, ko ƙarfen nan mai sheƙi da ba ya tsatsa, ko tukunyar ƙasa da ba a yi wa shafen ƙyalli ba, sun fi kwanciyar hankali. Wanda zai sayi ta zubi ya nemi maƙerin da ya sani, ya tambaye shi abin da yake narkawa.

Saura inda mataccen kaskon zai tafi. Mun san halinmu, ba ma jefar da abu. Wanda ya ɗaye sai a ba ƴar aiki, ko a aika ƙauye wa ƴan uwa, ko ya zama na zuba wa almajiri. To abin da kika ga bai dace da ɗanki ba, ɗan wani ma ɗa ne, kuma a ƙauyen kan murhun itace zai hau, inda ya fi ɓarna. Wasu kuma sukan cusa shi cikin wuta don baƙin ya ƙone gaba ɗaya su samu farin kasko. Wannan shi ne mafi muni cikin duk abin da muka lissafa, domin hayaƙin da muke gudu shi ake haɗawa da gangan, a tsakar gida, yara na kewaye. Kankare shi da yashi ma ba ya fitar da shi duka, saura yana maƙalewa a ramukan ƙarfen.

A cire mariƙin, a huda gindin da ƙusa don kada wani ya tsinta ya mai da shi kicin, sannan a ba masu sayen tarkacen ƙarfe, ko a zuba ƙusoshi da kayan gyaran keke a ciki. Maƙeran da irin waɗannan ke isowa hannunsu su ma su sani: lokacin da baƙin ke ƙonewa a tukunyar narki, a yi shi a fili, a tsaya ta inda iska ke fitowa, a kuma kori yaran da ke jan zuga-zugi su matsa har hayaƙin farko ya wuce.